Minit ɗin taro a gaban alƙali: hujjar da ake ginawa kafin rigima ta taso

Duk wanda ya saba halartar zaman daraktocin kamfani, ko na ƙungiyar 'yan kasuwa, ko na kwamitin makaranta, ya san yadda ake yi da abu na biyu ko na uku a jerin abubuwan da za a tattauna. Bayan addu'a da jawabin shugaba, sakatare zai miƙe ya karanta minit ɗin zaman da ya gabata, wato rubutaccen bayanin waɗanda suka halarta da abin da aka yanke, kuma a daidai wannan lokacin ne wasu ke duba waya, wasu ke ƙarasa gaisuwa, har wani ya ba da shawarar a ɗauka an karanta saboda lokaci yana ƙurewa. Mutum ɗaya ya gabatar da ƙudurin amincewa, wani ya mara masa baya, ciyaman ya sa hannu, a wuce zuwa abin da ake ganin shi ne ainihin maƙasudin zama. Ra'ayina shi ne waɗannan 'yan mintoci su ne suka fi kowane ɓangare na zaman nauyi a idon doka, domin a cikinsu ne ake ƙera hujjar da alƙali zai fara dogara da ita idan an yi saɓani bayan shekara biyu ko uku, kuma wanda ya yi shiru a lokacin ya ɗora wa kansa wani nauyi da sau da yawa ba zai iya saukewa ba.

Dokar kamfanoni ta Nijeriya ta shekarar 2020, wadda aka fi sani da CAMA, ta wajabta a sashe na 266 cewa kowane kamfani ya rubuta minit na babban taron masu hannun jari da na zaman daraktoci a littattafan da aka tanada don haka. Sashen bai tsaya a wajabcin ba. Ya ce minit ɗin da ke ɗauke da sa hannun wanda ya shugabanci zaman, ko na wanda ya shugabanci zaman da ya biyo baya, hujja ce ta farko a kan abin da ya gudana, kuma har sai an tabbatar da akasin haka, za a ɗauka cewa an kira zaman bisa ƙa'ida, an gudanar da shi bisa ƙa'ida, kuma naɗe-naɗen daraktocin da aka yi a cikinsa ingantattu ne. Dokar shaida ta 2011 ta maimaita kusan wannan maganar a sashe na 168. Wannan tanadi ba sabo ba ne, domin yana cikin tsohuwar dokar kamfanoni ta 1990 a sashe na 241, kuma asalinsa daga dokokin kamfanoni na Ingila muka gado shi.

Abin da ya kamata a fahimta a nan shi ne ma'anar hujja ta farko. A ƙa'idar shari'a, wanda ya yi da'awa shi ne zai kawo shaida. Da babu wannan tanadi, kamfanin da ya ce daraktocinsa sun amince da wani ciniki sai ya kawo takardun gayyata, ya kira waɗanda suka halarta ɗaya bayan ɗaya, ya tabbatar da cewa adadinsu ya kai, sannan ya tabbatar da abin da suka yanke. Da wannan tanadi kuwa, miƙa littafin da ke da sa hannun ciyaman ya wadatar, nauyin kawo shaida ya juya ya koma kan mai musu. Doka ba ta ce abin da ke cikin minit gaskiya ce da ba ta karɓar jayayya ba, ta ce ne a ɗauke shi gaskiya har sai wani ya rushe shi, kuma tsakanin waɗannan biyun akwai tazara mai faɗi wadda mutane da yawa ba su lura da ita ba. Wasu suna zaton cewa da zarar an sa hannu magana ta ƙare, wasu kuma suna zaton cewa takarda ce kawai da za su share da bakinsu a gaban alƙali, kuma duka biyun sun yi kuskure.

Mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce akwai kamfanin casar shinkafa mai daraktoci biyar, yana da sito huɗu, sai aka sayar da ɗaya daga cikinsu ga wani ɗan kasuwa a kan naira miliyan 80. Ɗaya daga cikin daraktocin, wata Hajiya da ta gaji hannun jarin mijinta, tana ganin sito ɗin ya fi haka daraja nesa ba kusa ba, kuma ta ce ba ta taɓa amincewa ba. Kamfani ya fito da minit ɗin zaman ranar 10 ga Maris, wanda ya nuna cewa daraktoci huɗu sun halarta, har da ita, kuma sun amince baki ɗaya, ga sa hannun ciyaman a ƙasa. Daga wannan lokacin, Hajiya ce za ta yi ta fama, kuma abin da za ta iya yi ya dogara ne ga irin musun da take yi, domin musu iri-iri ne, kowanne da ƙofar da ake bi.

Idan maganarta ita ce ba a gayyace ta ba kuma ba ta halarta ba, tana da ƙafar tsayawa mai ƙarfi. Dokar kamfanoni ta ce a ba kowane darakta da ya cancanta sanarwar kwana 14 a rubuce sai dai idan dokokin cikin gida na kamfanin sun tanadi wani abu dabam, kuma rashin ba da sanarwar yana ɓata zaman. Adadin da ake buƙata ba zai taimake ta ba, tunda a kamfanin da daraktocinsa ba su wuce shida ba mutum biyu sun isa a yi zama, sai dai idan dokokin cikin gida sun ce wani abu dabam. Abin da zai taimake ta shi ne takardun da ke kewaye da minit ɗin: takardar da mahalarta suka sa hannu, shaidar aika gayyata, takardar biyan alawus ɗin zama, da duk abin da zai nuna inda take a ranar, kamar hatimin fasfo idan ta yi tafiyar Umara. Lauyanta zai nemi a kawo waɗannan takardu, kuma idan kamfani ya ƙi kawo abin da yake hannunsa, sashe na 167 na dokar shaida ya ba alƙali damar ɗauka cewa abin da aka ɓoye ba zai yi wa mai ɓoyewar daɗi ba da an fito da shi.

Idan kuwa maganarta ita ce ta halarta, ta ƙi amincewa, amma aka rubuta cewa an amince baki ɗaya, to al'amarin ya fi wuya sosai, kuma a nan ne nake so in daɗe. Tambayar farko da lauyan kamfani zai yi mata ita ce ko ta halarci zaman da ya biyo baya, wanda aka karanta wannan minit ɗin a cikinsa. Idan ta halarta, kuma minit ɗin wancan zaman ya nuna cewa an karanta an amince ba tare da gyara ba, alƙali zai tambayi kansa dalilin da zai sa mace ta ji an danganta mata amincewa da cinikin miliyan 80 da ta ƙi, ta yi shiru, sai bayan shekara biyu ta tuna. Mu da muka san al'ummarmu mun san dalilai da yawa da za su sa ta yi shiru. Ciyaman ƙila yayan mijinta ne, gyara masa magana a gaban mutane rashin kunya ce a wurinta, minit ɗin da Turanci aka rubuta kuma da sauri aka karanta, ko ma ba a karanta ba. Waɗannan dalilai na gaskiya ne, kuma raina yana sosuwa idan na ga yadda kawaici, wanda ɗabi'a ce ta mutanen kirki, yake juyewa ya zama makami a kan mai shi. Amma kotu ba ta da hanyar auna kawaici. Abin da ke gabanta takarda ce da aka rubuta a lokacin da abin ya faru, a gefe guda kuma tunanin mutum ne bayan an riga an ɓata, kuma alƙalai sun daɗe suna fifita takardar da aka rubuta kafin rigima a kan baki, suna auna gaskiyar shaidar baki da ita.

Da a ce Hajiya ta ɗaga hannu a zama na gaba ta ce a rubuta cewa ba ta amince ba, ko da an rinjaye ta, ko kuma ta koma gida ta aika wa sakatare wasiƙa mai kwanan wata ta ajiye kwafin da aka buga wa hatimin karɓa, da labarin ya sauya gaba ɗaya. Wannan wasiƙa ita ma takarda ce ta lokacin da abin ya faru, kuma ta isa ta girgiza kalmar baki ɗaya. Saƙon waya ma yana iya yin wannan aikin, sai dai shi yana da nasa sharaɗin, domin sashe na 84 na dokar shaida ya buƙaci a cika wasu ƙa'idoji game da na'urar da ta fitar da saƙon, waɗanda galibi ake cika su da takardar shaida, kuma Kotun Ƙoli ta nuna a shari'ar Kubor da Dickson, wadda ta taso daga zaɓen gwamnan Bayelsa na 2012, cewa takardun da aka fitar daga kwamfuta ba tare da cika waɗannan ƙa'idoji ba ba sa karɓuwa. Wannan sharaɗi yana hawa kan kamfanin ma idan abin da ya kawo bugu ne daga kwamfuta.

Akwai musu na uku, wanda shi ne mutane suka fi saurin furtawa cikin fushi, wato cewa minit ɗin jabu ne, an ƙirƙire shi ko an kwaikwayi sa hannu. Ya kamata mai faɗin haka ya san abin da ya ɗauko. Ƙirƙirar takardar jabu laifi ne, kuma sashe na 135 na dokar shaida ya ce idan zargin aikata laifi shi ne abin jayayya kai tsaye, ko da a shari'ar da ba ta laifi ba ce, sai an tabbatar da shi tabbacin da babu wani kokwanto mai ma'ana, irin wanda ake nema a shari'ar laifi. Wanda ya ce sakatare ya yi kuskure ko ya bar wani abu a baya, rinjayen hujja kawai ake nema daga gare shi, amma wanda ya ce an yi jabu ya ɗora wa kansa ma'auni mafi tsanani, kuma sau da yawa sai ya nemo masanin rubutun hannu. Ba wai ba a iya tabbatarwa ba ne. Minit ɗin da aka rubuta daga baya yakan tona kansa ta ƙananan abubuwa: kuɗin cinikin sun shiga banki ranar 2 ga Maris alhali zaman da ya ba da izini na ranar 10 ne, ko minit ɗin ya ambaci rahoton mai kimanta kadara wanda kwanan watansa na Afrilu ne, ko lambar shafi ta yi tsalle, ko minit ɗin zaman da ya biyo baya ya ce an amince da na zaman Janairu ba tare da ambaton wani zaman Maris ba. Haka kuma sashe na 83 na dokar shaida ya hana karɓar bayanin da mai wata maslaha ya rubuta a lokacin da shari'a take gudana ko ake hangen zuwanta, don haka minit ɗin da aka tabbatar an rubuta shi bayan wasiƙar lauya ta iso yana cikin haɗari, ko da yake kotuna sun taƙaita ma'anar mai maslaha, ba su cika sanya ma'aikacin da aikinsa kawai yake yi a ciki ba.

Sannan akwai abin da ya fi ciwo a misalin nan. Ko da Hajiya ta yi nasarar nuna cewa zaman bai inganta ba, ba lallai ne sito ya dawo ba. Doka tana kare baƙon da ya yi ciniki da kamfani da zuciya ɗaya, tana ba shi damar ɗauka cewa an bi ƙa'idojin cikin gida, tunda ba shi da hanyar leƙa abin da ya gudana a ɗakin taro. Wannan ƙa'ida ta samo asali ne daga wata shari'ar Ingila ta 1856 da ake kira shari'ar Turquand, kuma dokar kamfanoninmu ta rubuta ta a cikinta. Ɗan kasuwar da aka miƙa wa kwafin ƙuduri mai sa hannun darakta da sakatare zai ce ya dogara da shi, kuma sai an nuna cewa ya san da matsalar, ko kuma alaƙarsa da kamfanin ta sa ya kamata ya sani, kafin a ƙwace masa wannan kariyar. Abin da zai rage wa Hajiya shi ne bin daraktocin da suka yi cinikin, wanda wata doguwar shari'a ce ta dabam.

Wani zai ce idan haka ne, ai doka ta ba ciyaman da sakatare iko mai yawa, kuma ya kamata a rage wa minit nauyi. Na fahimci wannan ƙorafin amma ban yarda da maganin ba. Kamfani ba shi da baki, ta ƙudurin mutanensa yake magana, kuma mutanen nan suna mutuwa, suna mantawa, suna sauya sheƙa. Idan kowane ƙuduri sai an sake tabbatar da shi da shaidun baki duk lokacin da wani ya yi fushi, babu bankin da zai ba da bashi, babu wanda zai sayi kadara daga hannun kamfani, kuma mai ƙarfi ne zai fi cin riba domin shi ne ya fi iya tara shaidu. Rubutu yana kare mai rauni fiye da yadda yake cutar da shi, kuma wannan ba baƙon tunani ba ne a wurinmu, tunda aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi, marubuci ya rubuta da adalci, a kuma kafa shaidu. Abin lura a ayar shi ne ba ta tsaya ga rubutu kaɗai ba, ta haɗa shi da adalcin marubuci da shaidu, kuma a nan ne nake ganin raunin tsarinmu yake.

Raunin shi ne dokar Nijeriya ta ba da nauyin a kan sa hannun mutum ɗaya, ba ta tsananta a kan yadda ake tsare littafin ba. A Ingila, a shari'ar kamfanin inshora na Hearts of Oak da aka wallafa a 1936, alƙali ya ƙi karɓar minit ɗin da aka ajiye a warwatsattun takardu cikin fayil, bisa dalilin cewa abin da kowa zai iya zare masa shafi ya sa wani ba littafi ba ne. Daga baya aka sassauta doka, kuma tamu a yau ta yarda a ajiye bayanan kamfani a ɗaurarren littafi, ko a warwatsattun takardu, ko a kwamfuta, muddin an ɗauki matakan hana sauya su da na gano sauyin idan an yi. Sharaɗin yana nan a rubuce, amma babu wanda yake zuwa tun farko ya duba ko an cika shi. Maƙwabtanmu sun bi wata hanya. A Nijar da Kamaru da Chadi, inda dokar kasuwanci ta bai ɗaya ta OHADA take aiki, ana rubuta minit ne a littafi na musamman wanda hukumar shari'a ta riga ta sa wa shafukansa lamba ta kuma sa hannu a kansu, kuma idan warwatsattun takardu za a yi amfani da su, sai sun kasance masu lamba a jere da aka tantance haka nan, an kuma hana ƙari ko ragi ko musanya shafi. Su ma a can minit ɗin zaman daraktoci hujja ce har sai an kawo akasinta, amma nauyin ya zo tare da wani mataki da ya sa cusa shafi daga baya ya yi wuya. Ɗan kasuwar Kano da ke da abokin hulɗa a Maraɗi zai iya tambaya ya ga irin littafin da idonsa.

Ban ce sai mun kwafi wannan tsarin yadda yake ba, domin tura kowane ƙaramin kamfani kotu don a sa wa littafinsa lamba zai iya zama wata sabuwar ƙofar jinkiri da kashe kuɗi. Abin da nake cewa shi ne alƙalai suna da damar bambanta tsakanin karɓar takarda da nauyin da za a ba ta, kuma ya kamata su riƙa amfani da wannan damar sosai. Minit ɗin da ya fito daga ɗaurarren littafi mai shafuka a jere, wanda aka raba wa mambobi kafin zama na gaba, aka amince da shi a gabansu, bai kamata a auna shi daidai da takarda guda da aka zaro daga fayil ɗin ciyaman ba, ko da duka biyun suna da sa hannu. Hujja kaɗan ya kamata ta isa ta rushe ta biyun.

Masu binciken kuɗi sun riga alƙalai fahimtar wannan, aƙalla nagartattun cikinsu. Odita yana karanta minit ne domin ya ga ko akwai izinin manyan kashe-kashen kuɗi, ko akwai bashi ko jingina ko shari'ar da ba a nuna a lissafi ba, ko wani darakta yana da hannu a cinikin da aka yi kuma ya bayyana haka kamar yadda doka ta wajabta masa, da kuma abin da ya faru bayan rufe lissafin shekara. Ƙa'idojin aikinsu sun koya musu cewa takardar da ta fito daga cikin kamfani ba ta kai wadda ta fito daga waje ƙarfi ba, don haka odita na ƙwarai ba ya tsayawa ga ƙudurin sayar da sito, sai ya gwada kwanan watansa da bayanin banki, da takardar cinikin, da rahoton mai kimanta kadara. Wani abin da suke yawan cin karo da shi shi ne amincewa bayan an riga an kashe kuɗi. Idan an rubuta gaskiya cewa daraktoci sun tabbatar da abin da aka riga aka yi, wannan abu ne da doka ta sani kuma sau da yawa tana karɓarsa, ko da yake odita zai nuna shi a matsayin rauni a tsari. Idan kuwa aka mayar da kwanan wata baya don a nuna kamar izinin ya riga kashewa, an fita daga sakaci an shiga jabu, kuma sakataren da ya yarda ya rubuta haka don faranta wa maigidansa ya jefa kansa cikin laifin da ba shi ya ci kuɗin ba. A ma'aikatun gwamnatin tarayya lamarin ya fi tsanani, domin dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta wajabta ajiye bayanan kowace kwangila har shekara 10, kuma minit ɗin kwamitin ba da kwangila yana cikin abubuwan farko da mai bincike yake nema. Idan za a kai irin wannan kotu, takardar hukuma ce, kuma kwafinta ba ya karɓuwa sai wanda jami'in da ke riƙe da ita ya tabbatar bisa sashe na 104 na dokar shaida.

Akwai wurare biyu da nauyin minit yake wuce hujja ta farko, kuma ya kamata mai hannun jari ya san su. A babban taro, idan an kaɗa ƙuri'a ta ɗaga hannu, ciyaman ya bayyana cewa ƙuduri ya wuce ko ya faɗi, aka rubuta haka a littafin minit, kuma babu wanda ya nemi a yi ƙidaya bisa yawan hannun jari, doka ta ce wannan hujja ce yankakkiya, ba sai an kawo adadin ƙuri'u ba. Wanda yake shakkar lissafin ciyaman, a nan take ne zai nemi ƙidayar, ba a kotu ba. Na biyu kuma, dokokin cikin gida na wasu kamfanoni suna cewa minit mai sa hannun ciyaman hujja ce yankakkiya, kuma a shari'ar Kerr da kamfanin John Mottram ta 1940 kotun Ingila ta mutunta irin wannan sharaɗin, ta ƙi sauraron shaidar da ke neman saɓa wa minit tunda ba a nuna zamba ba. Irin wannan jimla takan shige cikin takardun rajista ba tare da masu kamfanin sun karanta ba, kuma ni ina ganin a kamfanin dangi, inda ciyaman shi ne babban gida, bai kamata a bar ta ba.

A ɗaya ɓangaren kuma, rashin minit ba ya nufin ba a yanke shawara ba. Tun a 1916 kotun Ingila ta yarda, a shari'ar kamfanin Fireproof Doors, cewa ana iya tabbatar da ƙudurin da ba a rubuta ba ta wata hanyar, sai dai mai da'awar ya rasa sauƙin da doka ta tanada, ya koma yin dakon shaidu. Minit ɗin da babu sa hannu a kansa ma kusan haka yake, domin kotunan Nijeriya sun sha faɗin cewa takardar da ba a sa wa hannu ba ba ta da ƙima. Ya kamata kuma ƙungiyoyin unguwa da na masallaci da na 'yan kasuwa su lura cewa waɗannan sassa biyu da na fara ambata a kan kamfani suke magana. Minit ɗin ƙungiya yana samun ƙarfinsa ne daga tsarin mulkinta da kuma ƙa'idojin shaida na gama-gari, wanda ke nufin sau da yawa sai an kira wanda ya rubuta shi ya tsaya a yi masa tambayoyi, saboda haka tsaftar littafin ta fi zama dole a wurinsu.

Doka ta ba mai hannun jari wata dama da ba a cika amfani da ita ba. Littafin minit na babban taro dole ne ya kasance a ofishin kamfani mai rajista, a buɗe ga mambobi a lokutan aiki ba tare da biyan ko kwabo ba, kuma mamba yana da haƙƙin a ba shi kwafi cikin kwana 7 da nemansa. Darakta kuwa yana da haƙƙin ganin bayanan zaman da shi kansa yake ciki. Da Hajiyar misalinmu ta nemi a riƙa aika mata da minit kwana bakwai kafin kowane zama, ta sa ɗanta ko wani amintacce ya karanta mata shi da Hausa, ta zo da gyaranta a rubuce ta miƙa wa sakatare, da ba ta buƙaci ta yi jayayya da yayan mijinta a gaban kowa ba, kuma da takardarta tana cikin fayil tun watan Afrilu, kafin a san za a je kotu.